Yadda ake tsara fom ɗin rajista da zai ɗauki rubutun hannu ba tare da cunkoso ba

Tambaya: Malam, ni ce aka ɗora wa aikin shirya fom ɗin rajista na wani kwas ɗin koyon sana'a, kuma ana so ya tsaya a shafi ɗaya. Wanda muka yi amfani da shi bara ya ba mu wahala, domin mutane sun riƙa rubutu a gefen takarda, wasu kuma sun sa alama a tsakanin akwati biyu har ba mu gane wanne suke nufi ba. Yaya zan tsara shi a wannan karon don gurbin rubutu ya wadata, sassa su fito fili, akwatunan zaɓi kuma su daina ruɗa mutane?

Amsa: Malama, kafin ki buɗe kwamfuta, ki ɗauko cikakkun fom ɗin bara guda ashirin ko talatin, ki ɗauko rula, ki zauna da su. Duk abin da kike buƙatar sani game da sabon fom yana rubuce a jikinsu. Inda kika ga haruffa sun fara da girma sannan suna ta ƙanƙancewa yayin da suke kusantar ƙarshen layi, gurbin ya yi gajarta. Inda kika ga kan haruffa ya shiga cikin rubutun da ke sama, ko wutsiyarsu ta sauka kan tambayar da ke ƙasa, gurbin ba shi da tsayi. Inda kika ga an ja kibiya zuwa gefe ko an juya bayan takarda an ƙarasa, amsar ta fi ƙarfin wurin da aka ba ta gaba ɗaya. Dalilin da ya sa irin wannan ke faruwa kusan kullum guda ne: wanda ya tsara fom ɗin ya auna gurbi da idonsa a kan allon kwamfuta, inda rubutun na'ura ƙarami ne kuma a tsare, alhali wanda zai cike shi da biro zai yi, wataƙila ma a tsaye, takardar tana kan gwiwarsa ko kan bayan littafi. Saboda haka ma'aunin da za ki yi aiki da shi shi ne girman rubutun hannu, kuma za ki auna shi da milimita.

Lambobi biyu ne suka fi kowanne muhimmanci. Na farko, babban mutum mai rubutu da manyan haruffa yana cin kimanin milimita 5 a faɗi ga kowane harafi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Na biyu, layin rubutu yana buƙatar tsayin milimita 8 zuwa 10, kuma ni a kan 9 nake tsayawa, sai dai idan na san tsofaffi ko masu ƙarancin sabo da rubutu ne za su fi cikewa, to sai in kai shi 10. Da waɗannan biyun za ki iya lissafa kowane gurbi tun daga amsar da kike jira. Sunan Abdurrahman haruffa 11 ne, wato milimita 55 ke nan shi kaɗai, don haka gurbin suna mai faɗin santimita 4, wanda na sha gani, ya gaza tun kafin mai sunan ya kai harafi na tara. Ki nemi amsa mafi tsawo a cikin fom ɗin bara ga kowace tambaya, ki ƙirga haruffanta, ki ninka da 5, sannan ki ƙara ɗan rara. Matsakaiciyar amsa ba ta da amfani a wannan lissafi, domin mai dogon suna ne zai tsallaka gefe.

Yanzu mu ɗauki takardar kanta. A4 tana da faɗin milimita 210 da tsayin 297. Ki tabbatar tun farko cewa A4 ce aka saita a shafin, domin sau da yawa Word kan buɗe da takardar Letter, wadda ta fi A4 gajarta da milimita 18, kuma idan aka tsara a kan wannan aka buga a kan waccan, komai zai gurɓace. Ki bar gefen milimita 15 a sama da ƙasa da dama, amma a hagu ki bar 20. Dalili shi ne za a huda takardar a sa ta a fayil, kuma ramin abin huda yana kai wa kusan milimita 15 daga bakin takarda, to idan rubutu ya fara daga nan, ramin zai cinye harafin farko na sunan mahaifi ko lambar farko ta waya. Bayan an cire gefuna, abin da ya rage miki shi ne faɗin 175 da tsayin 267. Faɗin nan yana ɗaukar haruffa 35 a layi guda, tsayin kuma shi ne jarin da za ki raba wa sassa, kuma ba zai ƙaru ba.

A kan inda sunan gurbi zai zauna, shawarata ita ce ki ɗora shi a saman wurin rubutu, a kusurwar hagu, da ƙaramin rubutu mai girman 9. Idan kika sa shi a gefen hagu, kalma kamar "Adireshin gida" za ta cinye kusan santimita 3 daga layin da mutum zai yi rubutu a kai, kuma gurabe za su fara a wurare daban-daban gwargwadon tsawon sunayensu. Wanda ya fi muni shi ne sa sunan a ƙarƙashin layi, domin idan layuka suka jeru, mai cikewa ba ya sanin sunan na layin sama ne ko na ƙasa, sai ki tarar rabin mutane sun rubuta adireshi a wurin sana'a. Sunan gurbi yana cin milimita 4, wurin rubutu 9, don haka kowane jeri milimita 13 ne. Wannan ita ce lambar da za mu gina shafin da ita.

Bari mu lissafa fom irin naki sashe bayan sashe, kamar yadda nake yi da fensir a bayan takarda kafin in taɓa kwamfuta. Kan fom, wato sunan cibiya, sunan fom, umarnin cikewa da gurbin hoton fasfo, zai ci milimita 50, domin hoton kansa 35 ne a faɗi, 45 a tsayi. Sashe na A, bayanan mai rajista, yana da taken sashe mai milimita 8, sai jeri biyar: sunan mahaifi ko na iyali, sauran sunaye, ranar haihuwa tare da jinsi, lambobin waya biyu, da imel. Adireshi kuma layi biyu yake so, na farko 13, na biyu 9 tunda ba ya buƙatar suna. Jimlar sashen 95 ce. Sashe na B, zaɓin kwas da lokacin darasi, da akwatunansa zai ci 48. Sashe na C, wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya taso, take da jeri biyu ne, wato 34. Sashe na D, furucin amincewa da sa hannu, 33, domin sa hannu kaɗai yana son milimita 15. Wurin ofis a ƙasa 25. Tazarar milimita 4 tsakanin sassa sau huɗu ta ba da 16. Idan kika tara, 301 ne, alhali 267 muke da shi. Fom ɗin ya haura shafi da milimita 34.

A daidai wannan gaɓar ce yawancin fom ke lalacewa, domin hanya mafi sauƙi ita ce a rage tsayin kowane jeri da milimita 2 ko 3, a rage girman rubutu, sai komai ya shiga, kuma a kan allo ya yi kyau. Ina kyautata zaton abin da aka yi wa fom ɗinku na bara ke nan. Wurin rubutu shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa. Ki fara da wurin da ba kowa zai yi rubutu a ciki ba. Kan fom ba ya buƙatar milimita 50, hoton ne ya ja shi, don haka ki bar hoton a kusurwar dama ta sama, ki matso da taken sashe na A da jerin sunan mahaifi zuwa gefensa na hagu. Jerin zai ragu zuwa faɗin 135, wanda ke ɗaukar haruffa 27, kuma ya ishi suna ɗaya har da rara. Kan fom ya koma 24, kin samu 26. Sashe na D ba ya buƙatar take na musamman, kalmomin farko na furucin a rubutu mai kauri sun wadatar, kin samu 8. Wurin ofis ya koma 20, kin samu 5. Yanzu jimla 262 ce, da rarar milimita 5, kuma babu jerin rubutun da aka rage wa tsayi.

Idan bayan irin wannan gyara har yanzu bai shiga ba, to tambayoyin ne suka yi yawa. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki tambayi kanki wane ne a ofis zai yi amfani da wannan amsar, kuma don me. Tambayar shekaru tare da ranar haihuwa maimaici ne, ranar haihuwa kaɗai ta isa, kuma ita ba ta tsufa. Tambayoyi da yawa suna cikin fom ne kawai saboda suna cikin wanda aka kwafo daga gare shi. Idan kuma duk suna da amfani, ki gaya wa shugabanninki gaskiya cewa gaba da baya ya fi shafi ɗaya da ba a iya karantawa, sai ki rubuta "Juya baya" a ƙasan shafin farko, ki kai sa hannu can ƙarshen shafi na biyu, don wanda bai juya ba a gane shi nan take.

Game da faɗi, kada ki ba kowace tambaya layi cikakke, kuma kada ki raba su daidai wa daida. Girman gurbi yana gaya wa mai cikewa irin amsar da ake so. Lambar waya, ko da ta ƙasa da ƙasa ce, ba ta wuce lambobi 15, don haka gurbi biyu masu faɗin 85 kowanne za su zauna a jeri guda. Imel kuwa ki ba shi layi cikakke, domin yana da tsawo, kuma kuskuren harafi ɗaya ya ɓata shi. Ranar haihuwa ita ce wurin da ƙananan akwatuna na harafi ɗai-ɗai suka fi dacewa: akwati 8 masu faɗin milimita 6, biyu na rana, biyu na wata, huɗu na shekara, da sunan kowane rukuni a samansa, domin idan aka bar layi kawai, 03/04 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Amma ban ba da shawarar a yi wa suna da adireshi irin waɗannan akwatuna ba, sai idan na'ura ce za ta karanta fom ɗin. Suna rage saurin rubutu, kuma idan sunan ya fi yawan akwatunan, mutum ba shi da mafita.

Sassa kuma aikinsu shi ne mai cikewa ya san inda yake, mai karɓa kuma ya gano abin da aka tsallake da kallo ɗaya. Ki haɗa tambayoyin da ke fitowa daga tunani guda a wuri guda, ki jera su daga mai sauƙi zuwa mai bukatar nazari, ki ba kowane sashe harafi da gajeren take, kamar "A. Bayananka" da "B. Kwas ɗin da kake so". Taken ya zama da rubutu mai kauri, girman 11 ko 12, da layi mai ɗan kauri a samansa, ko inuwa mai haske ƙwarai. Ki guji baƙin zane mai farin rubutu a ciki, ko da yake yana burgewa a bugun farko, domin yana shan tawada, kuma idan aka yi kwafin kwafi farin rubutun yakan toshe. Umarnin da ya shafi fom gaba ɗaya, kamar a yi amfani da manyan haruffa da biro baƙi ko shuɗi, ya zauna a sama kafin tambayar farko. Umarnin da ya shafi tambaya guda kuwa ya zauna a jikin tambayar, domin babu mai komawa sama ya duba. Wurin ofis ki kewaye shi da akwati, ki rubuta a kansa cewa na ma'aikata ne kawai, ki ajiye shi a ƙasan shafi bayan sa hannu, inda mai cikewa ya riga ya gama.

Sai akwatunan zaɓi, inda ƙaramin kuskure ke haifar da babban ruɗani. Alamar da ta faɗa tsakanin akwati biyu, ko wadda ba a san ta wace kalma ba ce, tana fitowa ne daga tazara. Idan aka jera zaɓi a layi guda, tazarar da ke tsakanin akwati da kalmarsa ta yi daidai da tazarar da ke tsakaninsa da kalmar maƙwabcinsa, ido ba shi da hanyar sanin akwatin na wa ne. Na taɓa karɓar fom na wani shiri inda aka rubuta Safe, akwati, Yamma, akwati, duk da tazara iri ɗaya, kuma da aka fara darasi sai ga mutanen da muka rubuta a ajin safe suna zuwa da yamma, domin sun ɗauka akwatin da ya zo kafin kalmar Yamma shi ne nata. Laifin na takardar ne. Ƙa'idar ita ce akwati ya zo kafin kalmarsa a ko'ina cikin fom, ya manne mata da tazarar milimita 2, sannan a bar aƙalla milimita 10 kafin akwati na gaba. Akwatin kansa ya zama murabba'i mai milimita 4 zuwa 5, domin wanda ya gaza haka bakin biro kan cike shi, alamar kuma ta fantsama zuwa na kusa. Idan zaɓin ya wuce uku, ki jera su daga sama zuwa ƙasa, milimita 7 tsakanin layi da layi, akwatunan a saitin juna. Kwasa-kwasanki idan shida ne, ki yi jeri biyu na uku-uku, da wadatacciyar tazara a tsakiya.

Abin da ke rubuce a gefen akwatin ma yana da nasa sharuɗɗan. Kowace tambaya ta faɗi ko "zaɓi ɗaya kawai" ko "zaɓi duk wanda ya dace", domin a takarda babu abin da zai hana mutum sa alama uku. Zaɓin kada su shiga juna: idan kika rubuta 18 zuwa 25, sannan 25 zuwa 35, mai shekara 25 yana da gida biyu, don haka na biyun ya fara daga 26. Idan akwai yiwuwar amsar da ba ki lissafa ba, ki sa "Wani daban" da layin rubutu na aƙalla milimita 60 a gabansa. Tambayar e ko a'a kuma ta samu akwati biyu. Idan akwati ɗaya ne aka ce a sa alama in amsar e ce, to wanda aka bari fanko ba ya bambanta mai cewa a'a da wanda bai ga tambayar ba, kuma wannan bambanci yana da nauyi a tambaya kamar ta lalurar da ke buƙatar kulawa ta musamman. Salon "soke wanda bai dace ba" ki rabu da shi, domin wasu kan ja layi a ƙarƙashin wanda suka zaɓa, wasu a kan wanda suka ƙi, kuma a rubutun gaggawa layukan biyu kama ɗaya suke yi. Idan za a shigar da amsoshin a kwamfuta daga baya, ƙaramar lamba a gefen kowane zaɓi za ta sauƙaƙa wa mai shigarwa, sai ya buga 4 maimakon cikakken sunan kwas.

Wajen ginawa a Word, kada ki ja layin rubutu da maɓallin _ ko ɗigo-ɗigo, kuma kada ki daidaita gurabe da buga tazara, domin da zarar an canja kalma ɗaya komai zai goce. Ki yi amfani da tebur. Idan ma'aunin da ke fitowa inci ne, ki canja shi ta File, Options, Advanced, a wurin Show measurements in units of. Sannan ki zaɓi jerin, ki shiga Table Properties, ki buɗe Row, ki sa alama a Specify height, ki rubuta 1.3 cm, ki zaɓi Exactly, don jerin ya tsaya a tsayin da kika lissafa. Layukan tebur su zama sirara, don kada su yi gogayya da rubutun biro. Akwatin zaɓi kuwa harafi ne da ke cikin kwamfuta: ki buga 2610, nan take ki danna Alt da X tare, sai ☐ ya fito, ki ƙara masa girma zuwa 14 ko 16, sannan ki auna shi da rula bayan bugawa, tunda girmansa ya danganta da nau'in rubutun. Idan kin gama, ki ajiye fom ɗin a PDF, domin fayil ɗin Word na iya sauya fasali a kwamfutar da ba ta da nau'in rubutunki. A wajen bugawa ki zaɓi Actual size maimakon Fit, wanda kan ɗan ƙanƙance shafin ya cinye miki milimitocin da kika yi wahalar samowa.

Kafin a buga da yawa, ki buga biyar kawai, ki ba mutum biyar da ba su san fom ɗin ba, ciki har da mai manyan haruffa, da dattijo mai tabarau, da wanda ya fi kowa dogon suna. Ki ba su biro ba tare da wani bayani ba, ki tsaya kina kallo, kada ki taimaka. Duk inda wani ya dakata, ko ya ɗago kai zai tambaye ki, ki yi alama a kwafinki, domin ranar rajista ba za ki tsaya a kan kowa ba. Bayan sun gama, ki ɗauki ɗaya daga cikin cikakkun ki yi masa kwafi, ki sake yi wa kwafin kwafi, ki huda shi ki sa a fayil, sannan ki miƙa wa wanda zai shigar da bayanan ya karanta miki amsoshin da murya. Idan ya yi tuntuɓe a wani gurbi, ko ya ce bai san wane akwati aka zaɓa ba, wannan gurbin za ki koma ki faɗaɗa da rarar milimita 5 ɗin da kika ajiye.